Gaisuwar Agola Ga Mijin Uwarsa

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutanen da ba su saba da murnar ranar haihuwa ba, zamani ne ya kawo ta. To, ga agola, bara uwarsa ta auri wani falke, yau kuwa falken ya cika shekara 60. Me zai ce masa?

Kiransa Baba ladabi ne. Amma kada ya ce, "Ka maye mini gurbin mahaifina." Aya ta 5 cikin Suratul Ahzabi ta yi umurni a jingina kowa ga ubansa, kuma agola ba ya gadon mijin uwarsa. Dangin ubansa za su ji zafi, 'ya'yan falke kuma su zaci gado yake hange.

Abin da ya dace shi ne addu'a, da ambaton alheri guda wanda ya auku: "Baba, Allah ya ƙara nisan kwana. Ban manta da maganin da ka saya wa Inna da damina ba."

In amsa ta tsaya ga "Madalla", sai ya dakata nan. In aka ce, "Yaushe za ka zo gida?", to, zumunci ya soma. Allah ya sa mu dace, amin.