Ina Ribar da Aka Ce an Tara? Leƙe Cikin Jarin Masu Kamfani

Wani baffana da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana da 'yan hannayen jari a kamfanoni biyu ko uku, tun zamanin da ake sayen su da takarda. Ran nan na tarar da shi da rahoton shekara na ɗaya daga cikinsu, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Ya ce, "Kai ɗan nan, zo ka duba mini. Sun ce sun tara riba ta biliyoyi, amma abin da suka turo mini bana bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ina sauran kuɗin yake kwance?"

Na ce, "Baffa, ai ba a kwance yake ba." Ya dube ni kamar na haɗa baki da su.

Layin da yatsansa ke kai yana cikin takardar da ke nuna matsayin dukiyar kamfani a rana ta ƙarshe ta shekara. Takardar tana jera abin da kamfani ya mallaka, da bashin da ake bin sa, sai kuma abin da ya rage idan an cire na biyun daga na farko. Wannan ragowar ita ce haƙƙin masu hannun jari. Akanta ba ya rubuta ta a dunƙule, yakan rarraba ta gida-gida, kuma kowane gida labarin inda dukiyar ta fito yake bayarwa. Bai ce komai a kan inda take a yau ba. Nan ne Baffa ya yi tuntuɓe, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Mu ɗauki misali da wani kamfanin casar shinkafa da za mu ƙirƙira domin wannan bayani. Waɗanda suka kafa shi sun raba shi hannu miliyan 100, kowane hannu an rubuta masa darajar naira 1, suka biya cif. Gida na farko ke nan, uwar jari, naira miliyan 100.

Bayan shekara uku injina na aiki, shinkafarsu ta karɓu a kasuwa, sai suka so ƙara wani layin casa. Suka fitar da sababbin hannaye miliyan 20. To amma wa zai sayar wa baƙo hannu a kan naira 1, alhali shi ya sha wahalar shekarun farko? Suka tsayar da naira 5, aka saye. Naira miliyan 100 ta shigo. Akanta zai kai miliyan 20 gidan uwar jari, domin darajar da ke rubuce a kan kowane hannu ba ta canja ba, naira 1 ce. Sauran miliyan 80 ɗin yana buɗe musu gida na biyu, wato rarar farashin hannun jari, abin da mai saye ya ɗora a kan darajar asali. Wannan rara ba riba ba ce, ko da kuwa ta yi kama da ita. Ba a casa ko tiya ɗaya aka same ta ba, daga aljihun masu kamfani ta fito, don haka doka ke ɗaukar ta a matsayin jari, ba a raba ta a matsayin ribar shekara.

Akwai abin da yakan rikita mutane a nan. Idan gobe ɗaya daga cikin masu hannun ya sayar wa wani nasa a kan naira 12, ko kwabo ba ya ƙaruwa a wannan gida. Ciniki ne tsakanin mutum biyu, kuɗin bai bi ta kamfani ba. Hawa da saukar farashi da ake karantowa daga kasuwar hannayen jari ta Legas ba sa taɓa wannan takarda.

Gida na uku shi ne na Baffa, tararriyar riba. Lissafinsa daga ranar da aka buɗe kamfani yake farawa. A ce masu casar nan sun faɗi da miliyan 10 a shekarar farko, suka ci miliyan 30 a ta biyu, miliyan 50 a ta uku, duk bayan biyan haraji, sannan suka raba wa masu hannu miliyan 20. Cire 10 daga 80, ka sake cire 20, saura miliyan 50. Ita ce za a rubuta. Amma je ka duba asusunsu na banki, wataƙila miliyan 15 za ka tarar. Sauran ta zama shanshera a sito, ta zama janareto, ta zama bashin da 'yan kasuwa suka ɗauki kaya ba su biya ba tukuna. Kamar ɗan tireda ne da ya fara da dubu ɗari, bayan shekara biyu shagonsa ya cika maƙil. Riba kam ya ci, amma idan ka ce ya ƙirgo maka ita tsaba, sai dai ya nuna maka kantoci.

Na huɗu gida ne mai ɗakuna, ajiye-ajiye iri-iri. Wanda aka fi gani shi ne na sabunta ƙimar kadara. Filin masana'antar an saye shi miliyan 40, yanzu masu ƙiyasta kadara sun ce ya kai miliyan 100. Idan kamfani ya zaɓi rubuta sabuwar ƙimar, bambancin miliyan 60 yana shiga wannan ɗaki, idan muka ajiye batun harajin da akan keɓe masa a gefe. Ba ya shiga tararriyar riba, domin ba a sayar da filin ba, babu wanda ya miƙo kuɗi. Akwai kuma ajiyar da doka ke tilastawa. A Najeriya dokar bankuna ta wajabta wa kowane banki ya ware kashi 30 cikin ɗari na ribarsa ta shekara zuwa wata ajiya ta musamman matuƙar ajiyar ba ta kai jarin da aka biya ba, idan ta kai sai ya koma kashi 15. Riba ce ta gaske, amma an ɗaure ta, ba a rabawa.

Mu haɗa na masu shinkafa: uwar jari 120, rara 80, tararriyar riba 50, sabunta ƙima 60. Jimla miliyan 310. Idan kadarorinsu gaba ɗaya sun kai miliyan 500, to lallai bashin da ke kansu 190 ne, ba yadda za a yi lissafin ya fita daban. Abin lura shi ne, a cikin wannan 310, miliyan 50 kacal ce doka ta yarda a taɓa domin rabon riba, ita ma sai an samu tsabar kuɗin biya.

Yanzu a ce shekara ta huɗu ta zo da gardama, farashin shanshera ya tashi, dizal ya yi tsada, suka faɗi da miliyan 70. Asara gidan tararriyar riba take faɗawa. Hamsin ɗin ta ƙare, har an shiga ramin miliyan 20, wanda akan rubuta cikin baka biyu don a nuna giɓi ne. Jimlar haƙƙin masu hannu ta sauko 240. Mai kallo daga nesa zai ce ai da sauran ƙarfi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai rabon riba ya tsaya, sai an cike ramin nan tukuna. Wani lokaci ramin kan zurfafa har ya haɗiye sauran gidajen. Haka ta faru ga MTN Nigeria a 2023, bayan darajar naira ta faɗi daga watan Yuni na shekarar. Nauyin da ke kansa da dala ya kumbura a lissafin naira, ya rufe shekara da asarar kusan naira biliyan 137, jimlar haƙƙin masu hannun jarinsa ta koma ƙasa da sifiri, duk da cewa mutane ba su daina sayen kati da data ba.

Akwai wata dabara da kamfanoni ke yi wadda ni dai nake ganin an cika yi mata guɗa fiye da ƙima, wato kyautar hannun jari. Masu shinkafa za su iya cewa duk mai hannu huɗu an ƙara masa ɗaya. Hannu miliyan 30 ke nan, a ɗebo miliyan 30 daga gidan rara a zuba a uwar jari. Uwar jari ta zama 150, rara ta koma 50, jimla tana nan inda take. An ɗauke tabarma daga wannan ɗaki an shimfiɗa a wancan.

Wanda ke ganin duk wannan rabe-raben aikin akantoci ne kawai, ya tuna abin da Babban Bankin Najeriya ya yi a watan Maris na 2024. Ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna: naira biliyan 500 ga mai lasisin hulɗa da ƙasashen waje, 200 ga mai aiki a faɗin ƙasa, 50 ga na shiyya, sai 20 ga bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa mai lasisin ƙasa. Ya ba da wa'adi zuwa 31 ga Maris 2026. Adadin bai girgiza manyan bankuna ba kamar sharaɗin da ya biyo baya, cewa gidaje biyu kaɗai za a ƙirga, uwar jarin da aka biya da rarar farashin hannu. Tararriyar riba da sauran ajiye-ajiye ba sa ciki.

Dubi Zenith Bank. A ƙarshen 2023 haƙƙin masu hannun jarinsa ya haura naira tiriliyan 2, ninki huɗu na abin da ake nema da ɗoriya. Amma uwar jarinsa kusan biliyan 16 ce, domin kowane hannu kwabo 50 aka rubuta masa, rarar kuma kusan biliyan 255. Haɗe ba su wuce 271 ba. Dole ya fita neman sabon kuɗi a 2024, ya sayar wa jama'a hannu a kan naira 36 da kwabo 50. A kowane hannu, kwabo 50 ta tafi uwar jari, naira 36 ta tafi gidan rara.

Masu bankuna sun yi ƙorafi, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, tun da ribar da aka bari a kamfani ita ma dukiyar masu shi ce. Amma ana iya fahimtar hangen Babban Bankin. Tararriyar riba ana iya rabe ta a taro guda na masu hannun jari, kuma wani kaso mai tsoka na ribar bankuna a 2023 daga faɗuwar naira ya samu, lokacin da dalolin da ke hannunsu suka ƙara ƙima a takarda. Jari da rara kuwa kuɗi ne da wani ya zaro ya biya, kuma mayar da su ga masu su sai an bi matakan doka masu tsauri.

Da na kai nan, Baffa ya gyara zaman tabarau ya ce, "To ni yanzu wane layi zan riƙa dubawa?" Na buɗe masa shafin da ke nuna yadda kowane gida ya motsa daga farkon shekara zuwa ƙarshe, muka bi tare. Ribar bana ta shigo a sama, rabon da aka yi musu ya fita a ƙasa, bambancin ya ƙaru a kan na bara. Muka juya zuwa shafin shige da ficen tsabar kuɗi, sai ga mafi yawan abin da aka riƙe an saye injina da shi, an kuma rage bashin banki. Ya yi shiru yana bin lambobin da yatsa, sannan ya ce in ɗauko masa rahoton ɗaya kamfanin a cikin durowa, wanda shekara uku ke nan bai turo masa ko sisi ba.