"Saura Ɗaya Kawai": Yadda Matsa wa Mai Saye Ke Cinye Kasuwar Gobe

A kowane ciniki akwai wani ɗan lokaci, bayan an duba kaya an yi tayi, da mai saye ke yin shiru yana jujjuya abin a hannu. Kalmar da ɗan kasuwa zai faɗa a nan ita ce ke ƙulla ciniki ko ta warware shi, kuma masu koyar da tallace-tallace sun daɗe suna tsara dabarunta.

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari a Kano ya san su, ko da bai san ana koyar da su a aji ba. Wani zai ce, "Hajiya, shuɗin za a ɗaure miki ko jan?" Ya tsallake maganar ko za ki saya, ya kai ki ga zaɓen launi. Wani kuma ko tambaya ba ya yi, sai ki ga yaron shago ya fara cusa kaya a leda. Mafi kaifi ita ce ta ƙurewar lokaci: "Saura ɗaya kawai," ko "Gobe farashi zai tashi."

Dabarun a karan kansu ba laifi ba ne. Idan mai saye ya fara tambayar yadda za a kai masa kaya tasha, ko ya nemi lambar asusu, ya riga ya yanke shawara, kuma tambayar "a ɗaure?" taimako ce. Matsalar tana farawa ne idan akwai sauran shakka a ransa, maimakon a amsa ta sai a danne ta da gaggawa ko da kunya. Shakkar da aka danne ba ta mutuwa, gida take bin mutum, ta dawo masa a matsayin da-na-sani.

A yi lissafi da misali. A ce wata 'yar sari tana zuwa daga Gusau sau shida a shekara, tana ɗaukar turmi 20 na atamfa, mai shago na samun ribar naira 1,000 a kowane turmi. Ribar zuwa ɗaya naira 20,000 ke nan, ta shekara 120,000. Wata rana ya ga wani zane ya kwanta masa, ya ce, "Hajiya, wannan shi ake yayi, wallahi yanzu wani ya bugo waya yana nema." Ta ce ba ta ga alamar matan unguwarsu za su so shi ba. Ya rantse, ya sa aka ɗaure goma a cikin kayanta, kunya ta hana ta cewa a kwance. Ya ci ƙarin 10,000 a ranar. Ita kuwa jarinta ya maƙale a turmi goma wata da watanni, kullum ta ɗaga ido tana ganinsu, tana tuna wanda ya haɗa ta da su.

Abin da ke ruɗar 'yan kasuwa shi ne ba za ta zo ta yi faɗa ba. Za ta rage sari, ta daina ɗaukar waya, wata rana ya hango ta a wani layi. Kuma a motar komawa gida akwai wasu 'yan sarin da ke jin labari. Asarar 120,000 ba ta fitowa a littafin ciniki, shi ya sa ba a ɗora wa rantsuwar laifi, sai a ce kasuwa ce ta ja baya.

Bincike ma ya nuna haka. Neil Rackham da abokan aikinsa sun yi nazarin ganawar ciniki kusan 35,000, ya fitar da sakamakon a littafinsa SPIN Selling a 1988. Ya gano cewa dabarun rufe ciniki suna ƙara sayarwa idan kayan masu araha ne, amma idan kuɗin ya yi nauyi, yawan amfani da su rage ciniki yake yi. Dalilin a fili yake: mutum zai sayi sabulu don ya rabu da naci, amma ba zai sayi injin niƙa don haka ba. Hukumomi ma sun lura da cinikin da-na-sani. A Amurka, wanda mai talla ya bi har gida ya sayar masa da kaya yana da kwana uku na fasawa. Shari'ar Musulunci kuwa ta hana najashi, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye na gaske.

Da mai shagon ya tambayi Hajiya irin zanen da ke tafiya a wajenta, da ya ji amsar da za ta yi masa amfani. Yana iya ba ta turmi biyu ta gwada, da sharaɗin in ba su shiga ba ta dawo da su a musanya mata. In sun shiga, ita da kanta za ta kira ta ce a ajiye mata sauran takwas ɗin.