Wanne ya fi girma? A tambayi bambancinsu

Ɗauki lambobi biyu mabambanta, a da b, kowace ta haura sifili. Ana son a tabbatar cewa a³ + b³ > a²b + ab². Idan a 2 ce, b kuma 1, hagu ya ba da 9, dama 6. To amma gwaji ɗaya ba hujja ba ne, domin lambobi ba su da iyaka.

Dabarar ita ce a kwashe komai zuwa hagu, a nuna abin da ya rage ya fi sifili. Bambancin shi ne a³ − a²b − ab² + b³. Haɗa su biyu-biyu, ka sami a²(a − b) − b²(a − b), wato (a − b)(a² − b²). Ƙara warware baka ta biyu, sai ya koma (a − b)²(a + b).

Nan aikin yake. Lambar da aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, kuma tunda a ba b ba ce, (a − b)² ta fi sifili. Ita ma a + b haka. Ninkinsu dole ya fi sifili.

Kada ka raina sharuɗɗan nan, ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe. Idan a da b suka zo ɗaya, bambancin sifili ne, ɓangarorin sun yi kunnen doki. Idan kuwa a ta zama −2, b ta zama 1, hagu −7 ne, dama 2, magana ta juye. Rubuta sharaɗinka kafin ka yanke hukunci.