Tunatarwar da Kake Kashewa Kullum: A Goge Ta ko a Gyara Ta?

Akwai wani motsi da yatsan mai waya ya ƙware da shi har ba ya neman izinin ƙwaƙwalwa. Waya ta yi ƙara, rubutu ya fito a fuskarta, yatsa ya share shi gefe, mutum ya ci gaba da hirarsa. Ka tambaye shi bayan minti biyar abin da aka tuna masa, ba zai iya faɗa ba. Shi da kansa ya rubuta tunatarwar nan watannin baya, da kyakkyawar niyya, amma yanzu ta zama ƙara kawai. Illar kuwa ba a kanta kaɗai take tsayawa ba. Yatsan da ya saba share tunatarwar banza, da saurin nan zai share ta shan magani ko ta biyan kuɗin makaranta.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa sautin da ake maimaitawa ba tare da wani abu ya biyo bayansa ba, kunne yakan daina kula shi, kamar yadda maƙwabcin injin niƙa yake barcinsa injin na aiki. A asibitoci abin ya kai ga asarar rayuka. A shekarar 2013 hukumar Joint Commission, mai tantance asibitoci a Amurka, ta fitar da gargaɗi kan ƙararrawar na'urorin da ake jona wa marasa lafiya. Ta ce an ƙiyasta kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarar ba ta buƙatar ma'aikaci ya yi komai, saboda haka ma'aikata sukan rage sautin, ko su kashe, ko su daina ji. Daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 an kai mata rahoton aukuwa 98 masu nasaba da ƙararrawa, kuma 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa. Daga cikin abin da ta shawarci asibitoci har da su lissafa ƙararrawar da suke da ita, su tantance wadda ake buƙata da wadda ba a buƙata. Wayar aljihu ba ɗakin jinya ba ce, amma gyaran iri ɗaya ne: sau ɗaya a wata, mutum ya zauna ya bi tunatarwarsa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin ba ya wuce rabin awa. Ka sami takarda da biro, ka kwafe duk tunatarwar da take maimaita kanta, daga duk inda ta ɓuya: agogon waya, kalanda, manhajar jerin ayyuka. Mutane da yawa sai a nan suke gane cewa abu ɗaya suka saka a wuri biyu. A gaban kowace ka rubuta sau nawa ta yi ƙara a watan, da sau nawa aka yi aikin. Wayar za ta ɗan taimaka, don manhajar Reminders ta iPhone da Google Tasks duka suna nuna abin da aka danna an gama. Amma kada ka dogara da Notification history na wayoyin Android, awa 24 na baya kawai yake ajiyewa.

A nan ne mafi yawan masu wannan bita suke yaudarar kansu. Danna alamar "an gama" ba shaida ba ce cewa an yi aikin. Sau da yawa dannawar hanya ce kawai ta sa waya ta yi shiru. Shaidar gaskiya tana wajen waya: rasit, saƙon banki, shafin littafin ciniki mai kwanan wata, ƙwayoyin da suka rage a katin magani, jerin lambobin da aka kira. In babu irin wannan shaida, kuma ba ka tuna ka yi ba, rubuta cewa ba a yi ba. Ni a wurina wannan ce ƙa'idar da in aka sassauta ta, sauran aikin ɓata takarda ne.

Mu ɗauki misalin wata mai ɗinki da ke da shago da yara biyu masu koyon aiki, tana kuma kula da mahaifiyarta mai hawan jini. Ta zauna ranar ɗaya ga Oktoba don duba watan Satumba.

Ta farko a jerinta kalma ɗaya ce, "Lissafi", kullum ƙarfe tara na dare. Ta yi ƙara sau 30. Da ta buɗe littafin ciniki, kwana uku kacal ta ga rubutu. Abu mafi sauƙi shi ne ta ce ragwanci ne, ta ƙudura niyyar dagewa, wata mai zuwa a sake samun uku. Amma dubi tunatarwar da kyau. Ƙarfe tara tana gida, littafin yana kulle a shago. Kuma "lissafi" ba ya faɗin me za a yi: cinikin yau ne, ko bashin da ake bin masu kaya, ko kuɗin zare? Tunatarwar da sai ka tsaya ka yi tunanin ma'anarta, a lokacin da ka gaji, share ta za ka yi. Wannan ta gyarawa ce, domin aikin yana nan da muhimmancinsa. Sai ta mayar da ita ƙarfe shida saura kwata na yamma, ta rubuta: "Kafin na kulle shago, in rubuta cinikin yau a jan littafi."

Wannan salon rubutu yana da tushe. Masanin halayya Peter Gollwitzer ya wallafa wata fitacciyar maƙala a 1999 da ke nuna cewa niyyar da aka ɗaure ta da takamaiman lokaci da wuri, wato "in kaza ya faru zan yi kaza", ta fi zama aiki a kan niyyar da aka bari a sake. David Allen ma, a littafinsa Getting Things Done na 2001, ya nace a riƙa rubuta mataki na gaba da hannu zai iya kamawa, ba sunan matsalar ba. Saboda haka tunatarwa mai kyau tana ɗauke da aikatau, da abin da za a yi wa aikin, kuma tana zuwa a lokacin da kayan aikin suke kusa. In kira ne, lambar tana cikin rubutun. In biya ne, adadin kuɗin yana ciki.

Ta biyu ita ce "Adashi", duk Juma'a da azahar. An biya duk Juma'a, ba fashi. Sai dai da ta tuna yadda abin yake gudana, uwar adashi takan aiko yarinya tun da hantsi, kafin waya ta yi ƙara an riga an bayar. Wannan ta gogewa ce, duk da makinta ya cika. Tambayar ba "an yi?" kaɗai ba ce, har da "da ba ta yi ƙara ba, da an manta?" In amsar a'a ce, tunatarwar tana cin hankali ne a banza.

Biyu sun tafi ba gardama. Ɗaya ta kiran wani mai kawo yadi ce, wanda ta daina hulɗa da shi tun kafin Sallah. Ɗayar ta "shan ruwa" ce duk bayan awa biyu, wadda ita kaɗai ta fi sauran duka yawan ƙara, kuma ita ce ta koya wa yatsanta sharewa. Akwai kuma "Koyon ɗinkin jaka" duk Asabar, wadda ta danna Snooze a kanta kowane mako. Wannan buri ne, kuma buri mai kyau, amma ba shi da malami, ba shi da rana, ba shi da kuɗin fata. Wurinsa jerin abubuwan da ake fatan yi wata rana, jerin da ba ya ƙara. Ranar da ta sami mai koya mata suka tsayar da lokaci, sai ya dawo kalanda.

Sai wadda ba ta yi ƙara ba sam. Ta saka biyan yaran shago a ranar 31 ga kowane wata, Satumba kuwa kwana 30 ne. A kalanda irin ta Google, abin da aka saita ya maimaita ranar 31 yakan tsallake watan da ba shi da wannan rana. Yaran ne suka tuna mata. Ta mayar da ita 28 ga wata, ranar da ko Fabrairu yana da ita. Irin wannan yana nuna amfanin rubuta sau nawa tunatarwa ta yi ƙara, ba sau nawa aka yi aikin kawai ba. In ka ga sifili a wannan layi, laifin saiti ne. Wani lokaci tsarin tanadin batir na wasu wayoyin Android ne yake kwantar da manhajar, har tunatarwa ta makara ko ta ƙi zuwa, sai an shiga saitin batir an cire wa manhajar takunkumi.

Wadda ta fi tayar mata da hankali ita ce "Maganin Inna", ƙarfe shida da rabi na yamma. A waya an danna an gama sau 30. A kwalin magani kuwa, wanda aka buɗe ranar ɗaya ga wata da ƙwaya 30, saura takwas. Kwana takwas ke nan dattijuwa ba ta sha ba, alhali waya tana cewa komai lafiya. Dalilin bai ɓoyu ba: ƙarar tana zuwa daidai lokacin da ake alwalar Magariba, sai ta danna da niyyar bayarwa bayan sallah, daga nan hidimar tuwo ta ɗauke hankali. Lokacin Magariba kuma yana matsawa cikin shekara, don haka sa'ar da ta dace a Yuni tana iya cin karo da kiran sallah a Satumba, balle in azumi ya zo ya juya tsarin gida gaba ɗaya.

Tunatarwa irin wannan ba a goge ta komai munin makinta, domin abin da ake asara in an manta ba ya gyaruwa da ba da haƙuri. Ta matsar da ita zuwa bayan an idar da sallah, lokacin da suke zaune tare, ta ajiye kwalin kusa da tiren abincin Inna, ta kuma ɗaura wa kanta sharaɗi cewa ba za ta danna ba sai ƙwayar ta wuce maƙogwaro. In canjin zai yi nisa, kamar daga dare zuwa safiya, sai an tambayi likita ko mai ba da magani, kuma ba a haɗa na jiya da na yau don cike gurbi. Haka nan tunatarwar shekara-shekara, kamar sabunta takardun mota ko kuɗin hayar shago, ba a auna su da wata ɗaya. Abin dubawa a kansu shi ne ko suna zuwa da wuri yadda za a iya tara kuɗin, mako biyu ko uku kafin ranar, ba ranar da mai gida zai ƙwanƙwasa ƙofa ba.

A kowace tunatarwa da ka gyara, rubuta a takardar abin da ka canza, lokaci ne ko lafazi, ka ajiye takardar don watan gaba. In bayan gyara biyu har yanzu shafin jan littafi ba kowa, matsalar ta wuce waya. Ko dai mai ɗinkin ta amince ba za ta yi lissafin kullum ba ta mayar da shi na mako, ranar da shago ya fi sauƙi, ko ta damƙa wa babban yaron shagon littafin, ita ta riƙa dubawa ranar Alhamis.