Its ko it's: gwajin da ke raba gardama a wasiƙar ofis

Ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman layi yana yin aiki biyu a rubutun Turanci. Yana nuna mallaka, kamar manager's office, wato ofishin manaja. Yana kuma tsayawa a gurbin haruffan da aka cire, kamar don't maimakon do not. Daga nan ruɗani ke tasowa, domin mai rubutu yakan ɗauka cewa tunda mallaka na ɗaukar waƙafi, its ma dole ta ɗauka.

Ba haka ba ne. Its ta mallaka 'yar gidan his da hers ce, kuma babu wadda ke ɗaukar waƙafi a cikinsu. It's kuwa gajartawar it is ce ko it has, ba ta da wata ma'ana.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka ce ka rubuta: The committee submitted it's report. Warware kalmar, ka karanta da ƙarfi: submitted it is report. Maganar ta karye, saboda haka its ake bukata, rahoton na kwamitin ne. Amma It's been approved tana komawa It has been approved lafiya lau, don haka waƙafin yana wurinsa.

A ganina, a wasiƙar ofis gara ma a rubuta it is ko it has cikakku. Idan ka yi haka, duk it's da ka tarar lokacin bitar ƙarshe ko dai kuskure ce ko gajartawar da ta kuɓuce maka, kuma kowacce gyara take bukata.