Saƙon Godiya: Abin da Za a Yanke da Abin da Za a Bari

Kwanakin baya ɗan yayana ya miƙo mini wayarsa, ya ce in duba masa wani saƙo kafin ya aika. Matarsa ce naƙuda ta taso wa da tsakar dare, wani dattijo maƙwabcinsu ya fito da motarsa ya kai su asibiti, ya biya kuɗin da aka nema kafin a shiga tiyata, bai kuma tafi gida ba sai bayan asuba. Yaron yana so ya gode masa, ga abin da ya rubuta:

"Zuwa ga babban bango majingina, inuwar giginya, garkuwar marasa gata, uba ga kowa, Baba Alhaji. Haƙiƙa bakina ya yi kaɗan, alƙalamina ya gaza, ba ni da kalmomin da zan bayyana ɗimbin godiyata marar iyaka..."

Haka ya ci gaba har layi goma sha biyar, ba a ambaci mota ko asibiti ko jaririyar ba. Na san da zuciya ɗaya ya rubuta, domin na ga idonsa a daren. Amma na tambaye shi, idan wani ya aiko maka da irin wannan, me za ka zata yana biye? Ya yi shiru, can ya ce, "Roƙo, Baffa." To, matsalar ke nan. Kunnen Bahaushe ya saba da cewa maroƙi kan fara da kirari kafin ya miƙa hannu, saboda haka mai karanta jerin yabo yakan tsaya jiran buƙatar da za ta biyo baya. Ga kuma "inuwar giginya", wadda ya ɗauka yabo ce, alhali ana faɗinta ga mutumin da na nesa ke mora, na kusa ba su samu. A ce wa maƙwabci haka kuwa kusan zagi ne. Wanda ya kwaso kirarin da bai san ma'anarsa ba yakan faɗa irin wannan rami.

Muka bi saƙon jimla bayan jimla da tambaya guda: za a iya ɗaukar wannan a aika wa wani mutum dabam ba a sauya komai ba? Idan za a iya, mu cire. Bango da garkuwa suka tafi. "Ba ni da kalmomi" ita ma ta tafi, tunda wanda ya faɗi haka ya ci gaba da layi goma ya ƙaryata kansa. "Haƙiƙa" da "matuƙa" da "marar iyaka" sun fito sau bakwai, muka share su duka.

Da ya ga abin yana raguwa sai ya kai hannu kan gaisuwa da addu'a, na riƙe shi. Nan ne masu rage rubutu ke wuce gona da iri, su bar "Na gode sosai" tsirara, kamar wanda aka miƙa wa canji a shago. Sallama, da kiran babba da sunan girmamawarsa, da ce masa "ku" maimakon "kai", da tambayar iyali, su ne ladabin da saƙon ke tsaye a kansa. Addu'a kuwa ita ce tukwicin da dattijo ke so. Sai dai ya jero guda tara, muka bar biyu da suka dace da abin da aka yi.

Gurbin da kirari ya bari muka cike shi da abin da ya faru. Amma adadin kuɗin ba mu rubuta ba. Saƙon waya yakan faɗa hannun wasu, mutumin da ya yi alheri a ɓoye kuma ba zai ji daɗin a bayyana lissafinsa ba. Ga yadda ya koma:

"Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Ina fatan kun tashi lafiya, da Hajiya da yara. Na rubuto ne in yi godiya kan daren Talata. Kun fito da ƙarfe biyun dare kun kai mu asibiti, kun ɗauke mana abin da ya fi ƙarfina a lokacin, kun zauna tare da ni har aka fito da ita. Ba zan manta ba. An sallame su jiya, uwa da ɗiya suna lafiya. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Zan shigo gaisuwa bayan la'asar, in sha Allah."

Na sa shi ya karanta da ƙarfi, kamar yana durƙushe gaban dattijon a zaure, domin duk jimlar da zai ji nauyin furtawa ido da ido ba ta da wuri a rubuce. Ya karanta har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, sai a wurin "har aka fito da ita" muryarsa ta ɗan rawa. Ya aika, ya tashi neman goron da zai riƙa idan la'asar ta yi.