Tebur ɗaya, ɗakuna casa'in: yadda ake raba bayanai bisa kwanan wata

Kamfanoni da yawa suna da wani aiki da ke gudana cikin dare, lokacin da ma'aikata suka tashi. Kwamfuta ce ke kwaso bayanan cinikin ranar daga inda aka yi shi, ta tace su, ta zuba su a wani babban tebur cikin rumbun bayanai, inda masu lissafi za su zo da safe su fitar da rahoto. Wannan tebur shi ne masauki. A watannin farko lodin yakan ƙare cikin 'yan mintuna, amma kafin shekara ta zagayo sai a ga gari ya waye bai gama ba.

Mu ɗauka akwai kamfanin da ke kula da wakilan POS, wanda ke samun ciniki miliyan 2 a rana, kuma ya yanke cewa zai riƙa ajiye na kwana 90 kawai a wannan tebur. Ke nan kullum teburin na ɗauke da layi miliyan 180. Kowane dare akwai aiki biyu: a shigar da sababbi miliyan 2, a cire miliyan 2 mafi tsufa. Bari mu ga abin da ke faruwa a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai ta kyauta da ake amfani da ita ko'ina a duniya.

Mutum zai zaci gogewa abu ne mai sauƙi. A PostgreSQL ba haka ba ne. Umarnin `DELETE` ba ya cire layi nan take, alama kawai yake sa masa cewa ya mutu, domin wataƙila wani da ya fara karatu tun ɗazu yana bukatar ganinsa. Kowace gogewa kuma sai an rubuta ta a kundin da ake kira WAL, wanda da shi ake farfaɗo da bayanai idan wuta ta ɗauke. Daga baya sai `VACUUM` ya biyo yana share matattun layukan, ya bi fihirisar teburin ita ma ya tsabtace. Saboda haka aikin da ake gani ɗaya ne, a zahiri ya kai uku, kuma duk da haka girman fayil ɗin a faifai yawanci ba ya raguwa. Shigar da sababbi ma yana nauyi, domin kowane layi sai an nema masa gurbi a fihirisar da ta girmi ƙwaƙwalwar kwamfutar, dole a yi ta zarya zuwa faifai.

Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta cinikin shekara a ƙaton kundi guda. Idan yana so ya rabu da na wata rana, sai ya bi layi-layi yana sokewa. Da kowace rana tana da nata ƙaramin littafi, sai kawai ya zare shi daga kanta.

Wannan dabarar ce PostgreSQL ya kawo a fili tun fitowar siga ta 10 a shekarar 2017. Ana ƙirƙirar uwar tebur wadda ba ta riƙe komai da kanta, sannan a yi mata ɓangarori, kowanne da ranarsa:

```sql
CREATE TABLE ciniki (lamba bigint, rana date NOT NULL, kudi numeric)
  PARTITION BY RANGE (rana);
CREATE TABLE ciniki_20250301 PARTITION OF ciniki
  FOR VALUES FROM ('2025-03-01') TO ('2025-03-02');
```

A lura cewa iyakar ƙarshe ba ta cikin ɓangaren: cinikin 2 ga Maris na ɗaki na gaba ne. Mai fitar da rahoto ba ruwansa da wannan rabo, sunan `ciniki` yake kira kamar da. A daren 1 ga Maris 2025, cinikin 1 ga Disamba 2024 ya cika kwana 90, sai a rabu da shi haka:

```sql
ALTER TABLE ciniki DETACH PARTITION ciniki_20241201;
DROP TABLE ciniki_20241201;
```

Babu layin da aka taɓa. An cire sunan ɓangaren daga jerin, an goge fayil ɗinsa, wurin ya dawo wa faifai nan take. Idan doka ta ce a adana bayanan, sai a tsaya a umarnin farko, a kwafe ɓangaren zuwa ma'ajiya mai araha kafin a goge.

Wajen lodi kuwa, masu ƙwarewa ba sa zubawa kai tsaye. Sukan gina teburin ranar a gefe, su cika shi da `COPY`, su gina masa fihirisa bayan ya cika, su duba adadin layuka da jimillar kuɗi, sannan su haɗa shi da uwar da `ATTACH PARTITION`. Idan kafin haɗawar aka sa masa sharaɗin `CHECK` da ya yi daidai da iyakokin ranar, PostgreSQL ba zai sake karanta layukan don tantancewa ba. A ganina babbar ribar ma ba saurin ba ce. Idan lodi ya katse a tsakiya, babu rabin rana da ya gauraya da tsoffin bayanai. A zubar da teburin gefen, a sake daga farko.

Sai dai rabon yana zuwa da nasa matsaloli. Wadda ta fi yawan faruwa ita ce a manta a gina ɓangaren gobe. Lodin zai tsaya da saƙon da ya fara da `no partition of relation`, shi ya sa ake gina na mako ɗaya ko biyu tun da wuri, ko a bar wa ƙarin manhaja irin pg_partman. Wasu sukan yi ɓangaren `DEFAULT` don ya tare duk layin da ya rasa ɗaki. Yana hana lodi faɗuwa, amma idan cinikin wata rana ya taru a cikinsa, PostgreSQL zai ƙi gina ɓangaren ranar sai an kwashe su.

Akwai kuma batun agogo. Najeriya da Nijar suna gaban agogon UTC da awa ɗaya. Idan kwamfutar na lissafin rana da UTC, cinikin da aka yi ƙarfe 12:30 na dare a Kano zai faɗa ɗakin jiya. Alamar ita ce jimillar rana a rahoto ta riƙa saɓa wa ta wakilai da ɗan kaɗan kullum, amma ta wata ta kusa daidaituwa. Tun ranar farko ya kamata a yanke agogon da za a bi. Haka ma cinikin da ya iso a makare saboda rashin sabis: ranar da aka yi shi ce ɗakinsa, don haka ɓangaren jiya da na shekaranjiya ba su rufu ba tukuna.

Rahoto yana sauri ne kawai idan tambayar ta ambaci `rana` kai tsaye, domin da ita manhajar ke tsallake ɗakunan da ba a bukata. Wanda ya nemi ciniki da lambarsa kaɗai, sai an leƙa ɗakuna 90 duka. Umarnin `EXPLAIN` yana nuna ɓangarorin da za a buɗe. Idan an nemi na mako ɗaya amma ya jero fiye da bakwai, akwai gyara a tambayar. Sannan mabuɗin da ke hana maimaita lamba dole ya haɗa da `rana`, wato lamba ɗaya na iya shiga ranaku biyu ba tare da rumbun ya hana ba, sai shirin lodin ya kula da hakan.

Girman ɓangare kuma ya danganta da tsawon ajiya. Ga kamfaninmu mai kwana 90, rabon rana-rana ya dace. Wanda zai ajiye na shekara 7 da irin wannan rabo zai tara ɓangarori sama da 2,500, har tsara tambaya kanta ta fara cin lokaci da ƙwaƙwalwa. Na wata-wata ya fi masa, guda 84. Teburin da duka-duka layukansa ba su wuce 'yan miliyoyi ba, fihirisa a kan `rana` ta ishe shi, raba shi ƙarin ɗawainiya ne kawai.